Shimfiɗa, matsala da dalili a babin farko na bincike

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ina karatun digiri na biyu a fannin ilimi, kuma da Hausa zan rubuta kundina. Batuna shi ne rashin iya karatun Hausa a aji uku. Sau biyu mai duba aikina yana dawo mini da tsarin binciken, ya ce shimfiɗata ta yi nisa, matsalar kuma wai kuka ce kawai. Mene ne bambancin shimfiɗa da matsala da dalili? Sannan na buɗe da "ilimi gishirin zaman duniya", ya soke. Laifi ne sa karin magana?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a. Bari in fara da kalmar matsala, don a nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe.

Matsala ba asalin Hausa ba ce. Daga Larabci muka aro ta, wato mas'ala, kuma tushenta a can shi ne sa'ala, ya yi tambaya. Abin sha'awa, kalmar ta zauna da mu da fuska biyu. A makarantar zaure har yau ana cewa mas'ala: almajiri ya kawo wa malam mas'alar rabon gado ko ta ƙabli da ba'adi, yana jiran a warware masa. A bakin jama'a kuwa ta koma matsala, ta ɗauki ma'anar damuwa da wahala, kamar matsalar ruwa ko matsalar wuta. To, matsalar bincike ta fi kusa da ta zaure. Ɗalibi kan ji an ce ya rubuta matsala sai ya ɗauki ma'anar kasuwa, ya cika shafi da cewa ilimi ya taɓarɓare, gwamnati ta yi sakaci, iyaye ba su kula, azuzuwa sun cika maƙil. Ko da duk wannan gaskiya ne, babu tambaya a ciki. Abin da mai duba aikinki ya kira kuka ke nan. Idan almajiri ya zauna gaban malam ya ce rabon gado yana da wuya, malam zai ce masa: to, wa ya mutu, wa ya bari? Sai an faɗi mamaci da magada sannan mas'ala take tsayuwa.

Don haka kafin ki rubuta komai, ki gwada abin da kike kira matsala da wannan ma'auni: idan na fita na tattara bayanai na wata uku, zan dawo da amsar da ban sani ba yanzu? "Yara ba su iya karatu" kin riga kin sani, kina gani kullum a ajinki. Abin da ba ki sani ba shi ne inda karatun yake tsinkewa da abin da yake tsinka shi.

Matsala mai kyau ƙafa uku gare ta, kamar murhu. Ta farko abin da ya kamata a samu, kuma ba daga ra'ayinki ba, daga takarda: ki ɗauko manhajar Hausa ta aji uku, ki kawo abin da ta ce ɗalibi zai iya a ƙarshen shekara. Ta biyu abin da ake samu a zahiri, da shaida. Ta uku abin da ba a sani ba, wanda malamai suke kira giɓi. Wannan kalma ma ta dace da wurin. Giɓi shi ne gurbin da haƙori ya bari, kuma ba a gane shi sai don akwai haƙora a dama da hagu. Ba za ki iya nuna giɓin bincike ba sai kin jera ayyukan da suke gefe da gefensa. Shi ya sa nake ƙin jimlar nan da ɗalibai suke so, "a iya sanin mai bincike ba a taɓa yin aiki a kan wannan ba". Sau da yawa an yi, ɗalibin ne bai duba ba, kuma a ranar kare tsarin bincike wani daga cikin malamai zai ambato aikin.

A batunki kuwa an yi. A jihohin Bauchi da Sakkwato an gudanar da gwajin karatun azuzuwan farko da ake kira EGRA, da Hausa, a 2011 da 2013, ƙarƙashin wani shiri da hukumar USAID ta tallafa. Sakamakon ya nuna fiye da rabin yaran da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan gajeren labari ba. Wannan haƙori ne a gefen giɓinki. Ya tabbatar cutar tana nan. Amma bai gaya miki abin da ke faruwa a makarantun ƙaramar hukumarki ba, kuma shekaru sun ja.

Ga yadda zan so ki gina taki. Ki fara da ɗan gwaji na share fage a makaranta ɗaya ko biyu, da izinin shugaban makaranta. Ki ba yaro takarda mai haruffa ya faɗi sautinsu, sannan gaɓoɓi irin su ba, ki, ɗo, tsu, sannan kalmomi, ki ba kowane sashe minti ɗaya. A ce, misali, kin gwada yara 40, kika ga 28 sun san haruffa amma da sunansu na Turanci, suna cewa "bi" da "ei", idan aka haɗa musu b da a sai su yi shiru. Kin ga kuka ya fara zama tambaya. Sai ki rubuta wani abu mai kama da haka: "Manhaja ta tanadi cewa ɗalibin aji uku zai karanta kaza. Gwajin share fage da aka yi wa ɗalibai 40 a makarantu biyu na ƙaramar hukumar kaza ya nuna 28 sun gane haruffa amma sun kasa haɗa su zuwa gaɓa. Ayyukan da suka gabata a Bauchi da Sakkwato sun auna yawan masu kasa karatu, sai dai ba a san ko hanyar da malaman wannan yanki suke bi wajen koyar da haruffa, da suna ko da sauti, tana da alaƙa da wannan tsaiko ba. Wannan shi ne abin da binciken zai duba." Alƙaluman da na sa misali ne, ke za ki sa naki na gaskiya. Rabin shafi zuwa shafi ɗaya ya isa. Ki lura ban ce hanyar koyarwa ce ta jawo ba, na ce ba a sani ba. Duk wanda ya rubuta "saboda rashin ƙwararrun malamai" a cikin matsala ya yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba, kuma za a tambaye shi amfanin binciken da ya riga ya san amsarsa.

Ki kuma tsaya kan abu ɗaya. Na sha ganin tsarin bincike da ya haɗa hanyar koyarwa da cunkoson aji da talaucin iyaye da rashin littattafai, duk a matsala ɗaya. Ba a tauna taura biyu, balle huɗu. Kowanne yana bukatar kayan awo nasa.

Yanzu shimfiɗa. Wannan tamu ce, daga aikatau shimfiɗa, a baza tabarma ko darduma. Kuma idan kin duba al'ada, ba a yin shimfiɗa sai an san wanda zai zauna. Tabarmar baƙo ɗaya daban, ta taron suna daban. Baƙon shimfiɗarki shi ne matsalar, shi ya sa nake ba ɗalibaina shawara su rubuta matsala tukuna, sannan su koma su yi mata shimfiɗa, ko da yake a takarda shimfiɗa ce take zuwa farko. Da ya ce taki ta yi nisa, ina kyautata zaton kin faro daga ma'anar ilimi, ko daga zuwan Turawa da makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909. Tarihi ne na gaskiya, amma ba shi zai zaunar da mai karatu a ajinki na uku ba.

Abin da batunki yake bukata shi ne matsayin harshen uwa a firamare. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta ɗora koyarwar shekarun farko na firamare a kan harshen uwa ko harshen yankin, bugun 2004 kuma ya fayyace shekara uku, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. Kafin nan akwai gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar harshe da ta miƙa harshen uwa zuwa aji shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya sanar da soke ta. Dole ki faɗi wannan da shekarunsa, don kada ki gina aikinki a kan dokar da ta sauya. Daga nan ki sauko kan yadda rubutun boko yake, cewa kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kuma gaɓa ce ginshiƙin kalmar Hausa. Sai sakamakon Bauchi da Sakkwato, sai jiharki, sai ƙaramar hukumarki. Kamar mazurari, baki da faɗi, gindi a tsuke. Shafi biyu zuwa uku, in sashenku bai ƙayyade wani abu daban ba. Kowane sakin layi ki tambaye shi: in na cire ka, matsalar za ta rage fahimtuwa? In a'a, ki cire.

Dalili kuwa shi ma daga Larabci ne, can yana nufin jagora ko hujja. Wasu sassan Hausa na jami'o'i suna rubuta "dalilin bincike" a gurbin matsala, wasu suna ware su. Inda aka ware, matsala ita ce abin da ba a sani ba, dalili shi ne hujjar da ta sa ya cancanci a sani yanzu. Manufar bincike kuwa daga nufa take, wato inda kika dosa. Ki duba kundaye biyu ko uku da sashenku ya amince da su kwanan nan, ki bi kalmar da suka bi.

Batun karin magana, ni mai ƙaunarta ne, kuma ba haramun ba ce a kundin Hausa. Kusan kowa ya san "waiwaye adon tafiya" a bakin babin bitar ayyuka. Amma ina goyon bayan mai duba aikinki a kan wadda ya soke. "Ilimi gishirin zaman duniya" za ta zauna a kan kundin lissafi, ta zauna a kan na tarihi, ta zauna a jawabin ranar yaye ɗalibai. Ba ta nuna ajinki ba. Karin magana tana taƙaita abin da jama'a suka riga suka yarda da shi, matsalar bincike kuma tana nuna abin da ba a tabbatar ba, don haka ba ta da gurbi a wannan sashe ko kaɗan. A shimfiɗa za ki iya sa ɗaya, bayan kin kawo hujja. Idan kin gama bayanin cewa yaron da ya shiga aji huɗu bai iya haɗa gaɓa ba zai ci gaba da jan ƙafa a sauran darussa, "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" za ta zauna daram a ƙarshen wannan sakin layi. Ki rubuta ta yadda Hausawa suke faɗa, kada ki gyara mata kalmomi don ta dace da jimlarki, kuma ki tambayi mai duba aikin tun kafin ki miƙa, don akwai sassan ilimi da ba sa karɓar karin magana a babi na ɗaya gaba ɗaya.