Shafi ko zaure: wanne ya dace da ƙungiyar ƴan kasuwa a Facebook?

Tambaya: Ni ne magatakardan wata ƙungiya ta masu sayar da wake da aya a nan Maraɗi, kuma mun kai mutum 300. Mun buɗe shafi a Facebook, amma baƙin da ba mu sani ba suna shiga sharhi suna tallar kayan da ba su da shi, har sun karɓi kafin alƙalami na jika 50 a hannun wani ɗan uwanmu. An ce mu koma guruf. Mene ne bambancinsu, wa ya kamata mu naɗa adimin, kuma ta yaya za mu tantance masu shiga? Daga wani mai karatu a unguwar Bagalam.

Amsa: Malam, Allah ya mayar wa ɗan uwanku da alheri. Abin da ya same ku ya samo asali ne daga yadda aka gina shafi tun farko, domin shafi ba shi da ƙofa. Duk shafin Facebook a buɗe yake ga kowa, kuma wanda ya danna bi ya zama mabiyi nan take, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Shafi kamar allon da ke bakin shago ne: mai shagon ne yake rubutu a kai da sunan shagon, masu wucewa kuma suna karantawa, suna tofa albarkacin bakinsu. Mai kula da shafi yana iya ɓoye sharhi ko goge shi, yana iya hana wani mutum sake yin magana, yana kuma iya jera kalmomin da za a riƙa ɓoye duk sharhin da ya ƙunshe su. Sai dai duk waɗannan matakai suna zuwa ne bayan baƙon ya riga ya iso, ya ga sunayen mutanenku a cikin sharhi, kuma yana iya bin su ɗaya bayan ɗaya ta saƙon sirri.

Zaure, wanda aka fi sani da guruf, an gina shi ne domin mambobi su yi magana da junansu. A cikinsa kowane mamba yana wallafa nasa rubutun, ana ganin su wane ne masu kula, kuma akwai ƙofar da ake iya tsarewa. To amma a nan ne mutane da yawa suke kuskure, saboda zaure iri biyu ne. Akwai na fili, wanda a allon waya ake rubuta Public, inda kowa yake karanta abin da aka wallafa, kuma mutum yana iya shiga ba tare da jiran amincewa ba. Abin da adimin zai iya yi shi ne ya kunna tantancewa kafin sabon mutum ya yi rubutu ko sharhinsa na farko. Akwai kuma na sirri, wanda wayar Faransanci take kira Privé, ta Turanci kuma Private, inda ba mai ganin rubuce-rubuce sai mamba, kuma ba mai zama mamba sai an amince da shi. Idan kuka buɗe na fili, kun koma gidan jiya. Na sirri kuke bukata, kuma ina ba ku shawara ku bar shi yadda za a iya gano shi ta hanyar bincike, domin ɗan ƙungiyar da ke Tasawa ko Madarunfa ya samo shi da kansa ya nemi shiga. Wanda aka ɓoye gaba ɗaya sai da gayyata ake shigarsa, kuma hakan zai ɗora muku wahalar gayyatar mutum 300 da hannu.

Kada ku rufe shafin. Ku bar shi yana yin aikin da ya fi iyawa, wato sanar da masu saye na nesa cewa kuna da kaya, kuma shi ne hanyar da aka saba bi idan kuna son biyan kuɗin talla. Maganar farashi tsakaninku, da bashi, da motar da za ta tashi zuwa Ɗan Isa, su ne za su koma cikin zaure.

Batun muƙamai shi ne wanda na fi so ku natsu a kansa, domin ɓarnar da ake yi ta wannan hanya ta fi wuyar gyara. Zaure yana da manyan muƙamai biyu. Na farko shi ne adimin, wanda allo yake nunawa da Administrateur ko Admin. Na biyu shi ne mai sa ido, wato Modérateur ko Moderator. Dukansu suna iya amincewa da masu neman shiga ko ƙin su, suna iya amincewa da rubutu ko goge shi, suna iya dakatar da mamba ko fitar da shi. Abin da ya raba su shi ne adimin kaɗai yake iya canza sunan zauren da saitinsa, shi kaɗai yake naɗa wani a muƙami, kuma shi kaɗai yake tuɓe wani daga muƙami, har da ɗan uwansa adimin. Ma'anar wannan ita ce duk wanda kuka ba adimin kun ba shi ikon korar sauran masu kula. Wanda ya ƙirƙiri zauren ne kawai sauran ba sa iya tuɓewa, saboda haka kada ku bari yaron da ya iya waya ya buɗe muku shi da asusunsa don kawai ya fi ku sauri. Ya zauna kusa da kai ya nuna maka, amma da asusunka ko na shugaba za a buɗe.

A ganina adimin 2 ko 3 sun isa ƙungiya irin taku. Mutum ɗaya ya yi kaɗan, domin idan wayarsa ta ɓata ko aka sace asusunsa, babu wanda zai iya taɓa saiti. Mutum 10 kuma sun yi yawa, domin asusu ɗaya daga cikinsu da ɓarawo zai kama ya isa a kwace muku zauren. Al'adarmu ta girmama manya tana sa a so a ba kowane dattijo muƙami don kada ransa ya ɓaci, kuma na fahimci hakan, amma girmamawa ba ta bukatar a miƙa wa mutum ikon da shi kansa bai san yadda zai tsare ba. Matasan da za su yi aikin yau da kullum a ba su sa ido, kamar mutum 3 ko 4. Kowane adimin kuma ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunsa, wato a riƙa neman wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri kafin a shiga, kuma kada ya taɓa faɗa wa kowa lambar da aka aiko masa ta waya, ko da mai kiran ya ce daga kamfanin yake. Haka abin yake a shafi ma: akwai wanda ake ba cikakken iko, wanda zai iya cire kowa har ya goge shafin, akwai kuma wanda ake ba ikon wallafawa da amsa saƙo kawai.

Yanzu sai tsaron ƙofa. Facebook yana ba ku damar yi wa mai neman shiga tambayoyi har 3, da rubuta dokoki har 10 waɗanda za a nemi ya amince da su, kuma masu kula ne kawai suke ganin amsoshin. Tambayar da za a amsa da e ko a'a ba ta da amfani, domin ɗan damfara ma zai ce e. Ku yi tambayar da ɗan gida kaɗai zai amsa cikin sauƙi: a wace kasuwa rumfarka take, wane ne a cikin ƙungiya ya san ka, kuma mene ne lambar katinka idan kuna da kati. Sannan ku duba saitin da ke cewa wa ke da ikon amincewa da sabon mamba, ku mayar da shi kan adimin da masu sa ido kaɗai, saboda idan aka bar shi ga kowane mamba, mutum ɗaya mai saurin yarda zai buɗe wa kowa.

Mu ɗauka da safe ka tarar da buƙatu 3. Na farko ya amsa duk tambayoyin, asusunsa ya yi shekaru, kuma yana da abokai da dama a cikin zauren. Wannan ka amince da shi. Na biyu bai amsa komai ba, amma sunansa ya yi daidai da na wani dattijon da ke cikin littafinku. Kada ka kore shi, domin da yawa daga cikin manyanmu ba sa rubutu a waya, kuma kada ka amince don ganin suna da hoto, domin ɗaukar hoton mutum a buɗe sabon asusu da shi abu ne mai sauƙi. Ka kira lambarsa da ke cikin littafin ƙungiya ka tambaye shi ko shi ne ya nema. Na uku ya amsa da kyau, amma asusunsa bai fi sati 2 ba, ba shi da aboki ko ɗaya a cikinku, kuma mutumin da ya ce ya san shi bai taɓa jin sunansa ba. Wannan ka ƙi shi, idan kuma ya dawo da irin wannan siffa ka toshe shi. Allon buƙatu yana nuna lokacin da mutum ya shiga Facebook da abokansa da ke cikin zauren, amma kiran waya ya fi waɗannan alamu ƙarfi.

Bayan an shiga, aikin bai ƙare ba. Kuna iya kunna amincewa da rubutu ga kowa, ta yadda babu abin da zai fito sai mai sa ido ya gani, amma ga ƴan kasuwar da farashinsu yake canzawa tsakanin safe da azahar, wannan jinkiri zai kashe zauren. Ya fi kyau a kunna shi a kan sababbin shiga da waɗanda suka taɓa saɓa doka, tunda ana iya yin hakan ga mutum ɗaya-ɗaya. Ku kuma sa kalmomin faɗakarwa, kamar "kafin alƙalami" da "turo kuɗi" da "avance", domin a sanar da masu kula duk lokacin da ɗayansu ya bayyana. Wannan na'ura harafi take bi, don haka ku rubuta kowace kalma ta hanyoyin da mutane suke rubuta ta, da ƙ da kuma k, kuma ku sani cewa ba za ta kama abin da aka faɗa da baki a cikin bidiyo ba.

Hukunci kuma hawa-hawa ne. Wanda ya yi zagi a goge sharhinsa, a nuna masa dokar da ya saɓa. Idan ya maimaita a dakatar da shi na ƴan kwanaki, inda zai riƙa karantawa amma ba zai yi magana ba. Idan gardama ta yi zafi a ƙarƙashin rubutu ɗaya, a rufe sharhin wannan rubutun kawai. Fitarwa da toshewa kuwa ba ɗaya ba ne: wanda aka fitar yana iya sake neman shiga, wanda aka toshe ba zai ƙara ganin zauren ba, kuma ɗan damfara toshewa ce ta dace da shi, tare da kai rahoton asusunsa ga Facebook. Duk abin da masu kula suka yi yana shiga littafin ayyuka na zauren, kuma ya kamata shugaba ya riƙa duba shi, domin a nan ne za a ga wanda ya shigo da wane, da wanda yake goge rubutun abokin gasarsa.

Akwai iyakar da nake so ku faɗa wa mutanenku ƙarara. Adimin ba ya ganin saƙon sirri da ke tsakanin mambobi, kuma kowane mamba yana iya ɗaukar hoton allo ya fitar da abin da aka faɗa a ciki. Saboda haka dokarku ta farko ta kasance cewa ba a tura kuɗi ga kowa bisa rubutu ko saƙo kawai, sai an kira shi a lambar da ke cikin littafin ƙungiya, kuma ku kafe wannan doka a saman zauren yadda duk wanda ya buɗe zai fara cin karo da ita.