Aron gwal a kan kashi 4 cikin ɗari: araha ce ko tarko?

Tambaya: Malam, ina sayen gwal a hannun masu haƙa, ina narkarwa ina tacewa a Kano. Ɗan wana da ke Dubai ya samo mini wani dillali da zai ba ni aron gwal kilo 2, a kan ƙarin kashi 4 cikin ɗari a shekara, alhali banki na neman kusan kashi 30. Nufina in sayar da shi in sayi tirela da fili, in biya bayan shekara. Yaya ka gani?

Amsa: Alhaji, kuskurenka ɗaya ne, amma ya isa ya cinye jarinka: ka ɗora kashi 4 kusa da kashi 30 kamar ma'auninsu ɗaya. Bashin banki da naira ake biyansa, wannan kuwa da giram, kuma ranar biya dillalin ba zai tambayi nawa ka sayar ba, giram 2,080 zai nema.

Akwai dalilin da ya sa kuɗin hayar gwal yake ƙasa. A kasuwar Landan, inda manyan bankunan ƙasashe ke ba da aron gwal ɗinsu, kuɗin hayar shi ne abin da ya rage idan aka cire ƙarin da ke kan farashin gwal na gaba daga kuɗin ruwan dala. Idan ruwan dala kashi 5 ne, gwal ɗin da za a karɓa baɗi kuma ya ɗara na yau da kashi 4, to haya kashi 1 ce. Saboda haka wanda ya ari gwal ya sayar, sannan ya ƙulla cinikin sayensa na baɗi tun yau don kare kansa, kashi 5 ɗin nan zai biya, daidai da mai aron dala. Wanda bai ƙulla ba kuwa caca yake yi da farashi.

Mu ƙaddara giram dala 100 ne, ka sayar a kan dala 200,000. A 2024 farashin gwal ya tashi da fiye da kashi 25 cikin ɗari. Idan aka maimaita haka, giram 2,080 zai ci maka dala 260,000, wato kashi 30 ɗin da kake gudu, kuma da dala. Ka tuna a farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wace tirela ce za ta fitar da wannan giɓin?

Irin wannan aro an yi shi ne don mutum biyu. Matatar gwal tana ara domin ta ba mai kawo ɗanyen gwal haƙƙinsa nan take, alhali nasa yana cikin tukunya, don haka kullum tana riƙe da giram daidai da wanda ake binta, tashin farashi bai dame ta ba. Kamfanin haƙa kuma yana ara ya sayar ya gina ma'adini, ya biya da abin da ya fito daga ƙasa. Su ma ɗin ba su tsira gaba ɗaya ba, domin haya ba ta zama wuri ɗaya. A Satumban 1999 manyan bankunan Turai 15 suka amince su taƙaita sayarwa da ba da aro, hayar gajeren lokaci ta yi tsalle zuwa kusan kashi 10, farashi ya haura dala 300 kowace oza. Kamfanin Ashanti Goldfields na Ghana, wanda ya riga ya sayar da gwal ɗin shekaru masu zuwa, bankuna suka taso shi da neman jingina har ya kusa durƙushewa, a 2004 kuma ya narke cikin AngloGold. Kamfani ne mai rijiyoyin Obuasi, kai kuwa fili za ka nuna.

Na san wani maƙerin zinare da ya karɓi rabin kilo ta hannun surukinsa ba takarda, ya zuba kuɗin a gini. Da wa'adi ya cika, gidan ya sayar, bai ma cike giram ɗin ba, zumuncin kuma ya tafi.

In dai za ka karɓa, bayan ka ji ta bakin malamai game da ƙarin da ke kan aron, to gwal ɗin ya tsaya a cikin sana'ar gwal. A rubuta ko kashi 4 ɗin tsayayye ne na shekara ko ana sabunta shi duk wata, da kwana nawa za a ba ka idan mai shi ya nemi abinsa, da wanda zai ɗauki kuɗin sufuri da inshora. Ɗan wanka shaida ne kawai, sa hannun dillalin ake bukata. Littafinka kuma ya koma lissafin giram na tataccen gwal, domin giram 100 na karat 22 bai wuce tatacce giram 92 ba. Duk ƙarshen mako ka auna abin da ke hannunka da abin da ake binka; hayar kanta giram ɗaya da rabi ce a mako, kuma idan ribar tacewarka ta mako ba ta rufe ta tare da asarar narkarwa ba, ka mayar masa da gwal ɗinsa tun kafin wa'adi.