Tambayoyinku kan dakashi: maraƙi da ɗan akuya a ranar farko

Tambaya daga wata baiwar Allah a Tudun Wada: Likita dan Allah inada tambaya, akuyata ta haihu, surukata tace a tatse nonon farkon nan mai kauri a zubar wai shi ke sa 'ya'yan zawo, sai ya washe tukuna su sha. Mun yi haka kwana biyu, yanzu ɗaya ya mutu ɗayan kuma gwiwarsa ta kumbura. Meye ya jawo?

Hajiya Allah ya mayar da alheri. Gaskiya bazan ɓoye miki ba, abin da aka zubar ɗin nan shine maganin da zai tsare su, kuma ban ga laifin Mama ba domin haka da yawa suka taso suka tarar, har a jariran mutane ma an daɗe ana yi. Wannan nonon mai kauri mai ruwan ɗorawa shi muke kira dakashi. Jaririn mutum tun yana ciki garkuwar jikin uwarsa take ratsa mabiyiya ta shiga jininsa, amma saniya da akuya da tunkiya mabiyiyarsu bata barin komai na garkuwa ya wuce, so ɗan akuya ranar da ya faɗo duniya fayau yake, bashi da abin da zai kare kansa da shi, gashi ya faɗo kan taki da fitsari, cibiyarsa ɗanya a buɗe. Duk garkuwar da uwar ta tara a jikinta, na cututtukan da ta taɓa yi ta warke a wannan gidan naki da na rigakafin da aka yi mata, a makonnin ƙarshe na cikin take tattara su ta zuba cikin hantsa. Shi yasa yake da kauri yana yauƙi a hannu.

Inda maganar take shine lokaci. Hanjin jariri a awannin farko yana barin garkuwar nan ta ratsa ta shiga jini yadda take ba tare da an narkar da ita ba, amma ƙofar bata daɗewa, a awa 2 na farko ta fi buɗewa, daga awa 6 ta fara ja baya sosai, idan aka kai awa 24 kusan ta rufe kenan. Bayan nan ko bokiti guda ya sha abinci ne kawai a gare shi, zai ɗan taimaka a cikin hanjin amma bazai shiga jini ba. Shi ma dakashin a cikin hantsa yana tsinkewa yana komawa madara da tafiyar awanni. Kinga kenan kwana biyun da aka jira, an rasa ta ko'ina.

Maganar zawo kuwa, abin da mutane suke gani shine dakashi yana tura kashin farkon nan baƙi mai danƙo ya fita, bayansa kuma kashi ya koma rawaya mai laushi, toh wannan ba cuta bane, alama ce ta cewa ya sha. Zawon da ke kisa shine mai ruwa tsululu mai wari, ido ya faɗa, kuma waɗanda basu samu dakashi ba su ya fi kamawa. Wanda ya rage miki, kumburin gwiwar nan galibi ƙwayar cuta ce ta bi ta cibiya ta shiga jini ta sauka a gaɓa. Kar ki tsaya ɗauri ko shafa man zafi, ki kai shi yau, asibitin dabbobi na koyarwa na ABU yana nan Samaru, yana buƙatar allura ta kwanaki kuma idan aka makara ko ya rayu ɗingishi zai zame masa. Haihuwa ta gaba ki ajiye aidin a kusa, ana haihuwa ki tsoma cibiyar a ciki.

Tambaya daga wani mai kiwo a hanyar Shika: Dokta karsanata ruwa biyu ce, Bunaji da Friesian, ta kusa haihuwar fari. Nawa ya kamata maraƙin ya sha, kuma idan naga yana tsotso ai shikenan ko?

A'a Malam, ganin bakinsa a hantsa bai wadatar ba, musamman a haihuwar fari. Na sha tsayawa ina kallon maraƙi yana ta tunkuɗa yana lasar gefen hantsa da cinya, jela na kaɗawa, mai shi na murna, amma da na taɓa cikinsa sai inji a shafe, kan nonon ma a bushe ba yawu ko kaɗan.

Ƙa'idar mai sauƙi ce, kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa a cikin awa 6 na farko. Ɗan Bunaji tsantsa yakan zo da kilo 20 zuwa 25, wato lita 2 zuwa 2 da rabi. Naka mai jinin Friesian zai iya kai kilo 30, mu ɗauka haka, lita 3 kenan, ledar fiya wata shida idan kana son ka hango yawan a ido. Idan kana da sikelin rataye ka sa shi a buhu ka auna, ya fi kintace.

Bari in jera maka yadda zanyi da nine a wurin. Ace ta haihu ƙarfe 5 na asuba. Ka barta ta lashe shi ya bushe, ka wanke hantsar da ruwan ɗumi ka goge da tsumma mai tsabta, ka matsa kowane kan nono sau biyu ko uku ya buɗe, ka duba idan akwai jini ko gudaji ko wari to wannan kan a barshi. Lafiyayyen maraƙi cikin awa guda ya miƙe yana neman nono. Idan ƙarfe 7 tayi bai sha da kyau ba, ko karsanar tana harbinsa saboda hantsa ta cika tana mata zafi, daina jira, a ɗaure ta a tatsa a kwano mai tsabta, a zuba a kwalba mai kan roba a bashi lita 2 da ɗuminsa. Kafin ƙarfe 11 a ƙara masa lita 1. Da yamma wajen ƙarfe 5 a sake bashi wajen lita 2 idan har lokacin bai kama nono da kansa ba. Daga nan sai a barshi da uwarsa, kwana ukun farko kar a tatsi komai don saidawa.

Wajen bayarwa nan ne ake yin ɓarna. Ya kasance a tsaye ko a zaune kan ƙirjinsa, ya tsotsa da kansa a hankali. Kar a ɗaga kansa sama a yi masa ɗure da kwalbar lemo, yana ƙwarewa ya tafi huhu, bayan kwana biyu kaji numfashi na gurgur da zazzaɓi, ka kashe shi da hannunka kana neman cetonsa. Idan ka sa yatsa a bakinsa baya tsotsa sam, kamar wanda aka sha wahala wajen jawo shi harshe ya kumbura, wannan sai da tiyon da ake zurawa ta maƙoshi, kuma wanda ya iya ne zai zura don hanyar abinci da ta iska maƙwabta ne, kira ma'aikacin dabbobi.

Yadda zaka gane ya sha, ka tsaya bayansa ka sa tafin hannu biyu a gefen cikinsa bayan haƙarƙari, zakaji ya cika, bakinsa da ɗumi, ya kwanta yayi barci shiru, idan ka tashe shi yayi miƙa. Wanda bai samu ba zaka ganshi ya ranƙwafa baya, ciki ya lotsa, yana ta kuka yana zagaya uwar. Masu gona babba akwai wani ɗan na'ura da ake ɗiga dakashi a kai a leƙa, ma'aunin Brix, idan ya nuna 22 ko sama mai kyau ne, amma mai saniya ɗaya ko biyu ba dole bane.

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Akuyarmu ta haifi uku cikin dare cikin sanyin nan, uwar ta mutu da safe. Zan iya haɗa musu madarar gari?

Madarar gari bata da garkuwa ko ɗigo, kuma idan ka fara cika musu ciki da ita ƙofar da na faɗa a sama tana saurin rufewa. Abu na farko ka zaga unguwa yanzu yanzu, ka tambaya wa akuyarsa ko tunkiyarsa ta haihu jiya ko yau, a tatso maka. Idan babu sai na saniya, rugage suna nan kewaye da mu ta Giwa da Basawa, amma ka tabbatar na ranar farko ne kuma saniyar lafiyayya ce wadda bata da tarihin ɓari, saboda bakkale, ciwon nan da ke sa dabba ɓari, yana bin nono, har kai ma kar ka ɗanɗana ɗanye. Na saniya yana aiki, sai dai jefi-jefi yakan sa ɗan akuya ƙarancin jini bayan mako ɗaya zuwa biyu, don haka ka riƙa duba cikin fatar idonsu, idan tayi fari fat ka kawo su.

Jan akuyar nan tamu idan 'yan uku ne kowanne zai yi wajen kilo 1 da rabi. Lissafin shine mil 50 a kan kowane kilo a sha ɗaya, wato mil 75, sirinjin mil 20 sau huɗu kenan saura kaɗan, a maimaita sau huɗu cikin awa 24 ya zama mil 300 ga kowanne. Sirinji ba allura, ta gefen baki, kaɗan kaɗan kana jin yana haɗiya. Idan dakashin ya huce ka tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi har ya kai ɗumin jiki, ɗiga a bayan hannunka kaji, kar ka ɗora a wuta, tafasa shi na lalata garkuwar ya dunƙule kamar ƙwai.

Amma kafin komai sa ɗan yatsanka a bakin kowanne. Hunturun Zariya da asuba yana kashe ɗan akuyan da ya jiƙe kuma cikinsa ba komai cikin 'yan awanni, domin ɗan kitsen da aka haife shi da shi baya daɗewa, dakashin ne ke zame masa makamashi. Idan bakin yayi sanyi, baya iya riƙe kansa, kar ka bashi komai ta baki tukuna. Goge shi ya bushe, sa shi a kwali da tsummokara, cika gora da ruwan ɗumi ka naɗe ta da zane ka jingina masa, ba gaushi ba, sai ya ɗago kai ya fara tsotsar yatsa sannan ka bashi. Bayan kwana na farko zaka iya komawa madarar akuya ko ta saniya, a tafasa a bari ta huce.

Tambaya daga wata uwargida a Sabon Gari: Za a iya ajiye dakashi don gaba?

Ana iyawa. Na tatsar farko daga uwar da ta haihu sau biyu ko uku ya fi, a zuba a ƙananan robobi masu tsabta mil 100 zuwa 200, a rubuta kwanan wata. A firji kwana ɗaya zuwa biyu, a firiza idan ya daskare yana kai wata 6. Matsalar ita ce wutarmu, idan ya narke ya sake daskarewa ya sake narkewa ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a ciki, zubar da shi za a yi. Idan baki da sola ko firizar da ke riƙe ƙanƙara, ki haɗa kai da maƙwabtanki masu kiwo ku san awakin wa suka kusa haihuwa, ku karɓi lambar juna tun kafin ranar.