Me ya sa gaut ke dawowa bayan an sha magani?

"Babban yatsan ƙafata ya kumbura da dare, likita ya ce gaut ne. Na sha diklofenak ya lafa, ga shi bayan sallah ya dawo. Ina mafita?"

Malam, sannu da jiki. Diklofenak kumburi kawai yake kwantarwa, ba ya taɓa sinadarin yurik asid da ke haddasa gaut. Idan sinadarin ya yi yawa a jini, sai ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai, kuma suna nan ko ciwon ya lafa. Shi ya sa hanta da ƙodar ragon layya, lemon kwalba, ko ƙarancin shan ruwa a zafin Kaduna na watan Afrilu ke sake tayar da shi. Wasu ƙwayoyin hawan jini masu sa fitsari ma haka, a nuna wa likita su.

Rigakafi aikin alofurinol ne, maganin da ke rage yurik asid. Ana farawa da miligiram 100 kullum, a riƙa ƙarawa duk bayan mako 2 zuwa 4 har gwajin jini ya nuna yurik asid ƙasa da 6 mg/dL. A nan mutane ke kuskure: a watannin farko yakan tayar da ciwon, domin tsofaffin alluran sun fara narkewa, sai mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya watsar. Kada a daina. Likita kan haɗa da kolcisin, maganin hana tashin ciwon, miligiram 0.5 kullum, wata 3 zuwa 6. Amma in ƙuraje suka feso, a tsayar da alofurinol nan take, a tafi asibiti.

Gwajin jinin kuma a jinkirta shi mako 2 bayan ciwon ya lafa, don lokacin kumburi yakan nuna ƙasa. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji diklofenak.