Me ya sa sai an gama wani aiki kafin a fara wani?

Tambaya: Ina gini, kuma mai kula da aikin kullum sai ya ce wane ba zai fara ba sai wane ya gama. Me zai hana a ƙaro ma'aikata a yi komai lokaci guda?

Amsa: Jira iri biyu ne, kuma ƙarin ma'aikata iri ɗaya kaɗai yake magancewa. Akwai jiran da aikin kansa ya wajabta, domin abin da na farko ya samar a kansa na biyu zai hau. Akwai kuma jiran da ƙarancin hannu ko kayan aiki ya jawo.

Mu ɗauki bango. A ce binne bututun wayar lantarki kwana 3 ne, na ruwa kwana 2, filasta kwana 4, bushewarta kwana 21, fenti kwana 3. Filasta ba ta yiwuwa sai an binne bututun duka biyun, in ba haka ba a dawo ana fasa bangon da aka riga aka shafe. Amma mai wayarin da mai famfo ba ruwan wani da wani, suna iya aiki tare. Lissafin ya zama 3, 4, 21 da 3, wato kwana 31. Idan kuwa mutum ɗaya ne yake yin duka biyun, kwana 5 zai ci, jimilla ta koma 33. A nan ne ƙaro mutum yake da amfani, kwana 2 zai rage maka.

Bushewa fa? Ko mutum ɗari ka kawo, ba za su rage mata yini ɗaya ba. A nan na fi ganin masu gini suna asara, kuma abin yana damuna. Fentin da aka shafa a kan danshi yakan kumbura, ya ɓare, wani farin gishiri ya fito a jikin bangon. Gwajin ba wuya: manna leda a bangon, ka rufe gefunanta da salatif, ka bar ta ta kwana. In ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, da saura.

Wannan jerin mafi tsawo, daga wayarin zuwa fenti, shi yake yanke ranar gama aiki. Duk wanda ya makara kwana ɗaya a kansa ya ja aikin gaba ɗaya baya. Mai famfo yana da rarar kwana ɗaya tak. Kafintan da ke haɗa ƙofofi cikin kwana 10, waɗanda sai bayan fenti za a kafa, yana da rarar kwana 21, don haka matsa masa ba ya gaggauta komai.

Idan kana son sauri na gaskiya, a raba aikin ɗaki-ɗaki. Da an gama bututun ɗakin farko, birkila ya shiga filasta, masu bututu su wuce na biyu. Kuma duk lokacin da aka ce maka a jira, tambayi mai kula da aikin: me ainihin wannan aikin yake buƙata daga wancan, kuma duka yake buƙata ko wani sashe?