Mai Ɗaya, Kwalba Uku

"Maigida, abin da ya ɗaure min kai shi ne, man ƙamshi iri ɗaya muke zubawa a turaren fesawa da bodi sifire da attar, amma wani ya wuni a jiki, wani kuwa kafin awa biyu babu shi babu labarinsa. Yawan man ne kawai, ko da wani abu?"

To, ɗana, mu fara da lissafi, don shi ne mai sauƙi. Ɗauki kwalba mai mil 50. In turaren fesawa mai ƙarfi za ka haɗa, irin wanda ake rubuta wa EDP, man ƙamshi yana kamawa daga kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A kashi 20, mai mil 10 ke nan, itanol, wato sifirit ɗin da ake narkar da man a cikinsa, mil 40. Wanda ke ƙasa da shi, EDT, yana tsakanin kashi 5 da 15. Bodi sifire kuwa da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 3, wato a wannan kwalbar mil ɗaya tak za ka zuba in kashi 2 kake nema. Sauran duk itanol ne da ruwa. In na gwangwani ne, har da iskar gas da ke turo shi waje, ita kuma tana cin wuri mai yawa a ciki.

Yanzu ka duba abin da ke sauka a fata. Fesawa ɗaya tana fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na mil. Wanda ya fesa EDP sau uku ya ɗora wa jikinsa mai kimanin mil 0.06. Mai bodi sifire na kashi 2 sai ya fesa sau talatin kafin ya kamo shi. Shi ya sa EDP ke iya kai awa biyar zuwa takwas, EDT awa uku ko huɗu, bodi sifire kuma awa ɗaya zuwa biyu. Ba algus ba ne, haka aka yi shi: na wartsakewa ne bayan wanka, a fesa a yalwace, a sake in ya tafi. Waɗannan kason kuma al'adar sana'a ce, ba doka ba, kowane kamfani da inda yake tsayawa.

Attar shi ne inda lissafin nan ya daina isarka, don shi babu itanol a cikinsa ko kaɗan. Aikin itanol shi ne ya tashi da sauri. Da ya taɓa fata mai ɗumi sai ya bi iska, ya ɗebi ƙamshin ya watsa, na can nesa ma ya ji. Wannan tashin da mai saye ke so, shi ne kuma ke cinye turaren. Mai ba ya tashi haka. Yana kwantawa a fata, yana sakin ƙamshin a hankali, har ya kai awa takwas ko goma, a tufa ma ya kwana. Amma sai an matso kusa ake jin sa. Idan mutum ya zo ya ce yana son wanda zai cika ɗaki kuma ya wuni, ka san abu biyu ya tambaya masu jan juna, sai ka tambaye shi wanne ya fi so.

Kada ka yarda da zancen cewa duk attar zallan ƙamshi ne ɗari bisa ɗari. Na asali, irin wanda ake yi a Kannauj ta ƙasar Indiya, furen wardi ko yasmin ake dafawa a tukunyar tagulla, tururin ya bi ta bututun gora ya sauka cikin man sandal, a yi ta maimaitawa da sabon fure kwana da kwanaki har man ya sha. Ka ga mafi yawan abin da ke kwalbar man sandal ne, shi ne ke riƙe furen. Na kasuwa da muke durawa a ƙananan kwalabe masu ƙwallo a baki, yawanci man ƙamshi ne aka sirka da DPG, wani ruwan sirki marar ƙamshi, ko man johoba. Sirkin ba laifi ba ne, wasu mayukan in aka shafa su tsagwaronsu suna sa ƙaiƙayi da jan fata. Laifin a sirka har ya yi yawa sannan a ce zalla ne.

Saura abin da ya fi duka, wanda yaran sana'a suka fi tuntuɓe a kansa: nauyin man kansa. Abin da kake kira mai ɗaya haɗi ne na abubuwa da yawa, kowanne da saurin tashinsa. Masu sauƙi, irin ƙamshin ɓawon lemo, su ne ke fara dukan hanci, kuma cikin rabin awa yawanci sun yi gaba. Furanni su biyo baya, su yi 'yan awoyi. Na ƙarshe su ne masu nauyi, miski da ud da sandal da ambar, waɗanda ke kwana a riga.

Ka ƙaddara wani ya dawo da EDP mai ƙamshin lemo ya ce ba ya daɗewa. Abin da zai fara zuwa maka shi ne ka ƙara mai, daga mil 10 zuwa 15. Me za ka samu? Fesawar farko za ta yi ƙarfi har ta hau kai, wuyan riga ya yi tabon maiƙo, wataƙila ma haɗin ya yi gajimare in itanol ɗinka mai ruwa ne, amma daɗewar ɗan abin da za ta ƙaru bai taka kara ya karya ba. Ka ƙara yawan abin da ke gudu ne, ba ka rage masa gudu ba. Gyaran shi ne ka bar mil 10 ɗin yadda yake, ka cire mil 2 na lemon ka maye gurbinsa da miski ko sandal, ka rufe ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu mako biyu zuwa huɗu ya haɗe jikinsa. Shi ya sa za ka ga EDT na ud ya binne EDP na lemo, duk da lambar da ke jikin kwalba ta nuna akasin haka. Ni dai na fi yarda da abin da ke cikin man a kan abin da aka rubuta a kwali.

Kafin ma ka taɓa haɗin, ka tabbatar da gaske ƙamshin ya tafi. Hanci yana sabawa da ƙamshin da ke jikin mai shi cikin 'yan mintuna, sai ya rantse babu komai alhali na kusa da shi na ji. Busasshiyar fata ma tana sakin turare da wuri fiye da mai maiƙo, zafi da gumi kuma suna ƙara masa sauri. Don haka ka yi gwajin a takarda. Yanki tsiri uku, ka rubuta suna da lokaci a kowanne. Fesa EDP ɗin da bodi sifire sau ɗaya ɗaya, attar ɗin ka ɗiga ɗigo guda, ka ajiye su nesa da juna. Sunsuna bayan minti 15, da awa ɗaya, da awa huɗu, sannan washegari. Takarda tana riƙe ƙamshi fiye da fata, saboda haka kada ka ɗauki awoyinta ka faɗa wa mai saye, jerin wanda ya riga wani tafiya kawai za ta nuna maka. In tsirin EDP ya mutu a awa huɗu, haɗinka ba shi da gindi, ka koma kan masu nauyin. In yana nan da ransa, ka ba mutumin ya sunsuna da kansa, sannan ka ce ya riƙa shafa mai marar ƙamshi a fatarsa kafin ya fesa.