Wayar hannu a ranar kasuwa: me zan duba kafin na biya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Wani ya yi mini tallar Samsung ta hannu a kasuwar Maigatari, ya ce yayansa ne ya ba shi, ba kwali ba rasit. Farashin ya yi mini. Me zan duba kafin Alhamis ta zagayo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka fara da lambar shaidar wayar kanta, ba ta layi ba, don ita ce ke tona asiri. Shiga wajen buga kira ka danna:

```
*#06#
```

Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI. Mai layi biyu takan nuna guda biyu. Sai ka shiga Settings, ka gangara About phone, ka gwada ta da wadda ke can, da kuma rubutun bayan wayar idan bai goge ba. Alƙalami ɗaya ya saɓa, an taɓa cikinta, ko an sauya mata inji ko marfi. Tunda babu kwali, ka rubuta lambar a takarda da sunansa da ranar ciniki, ya sa hannu a gaban shaida. Da wannan lamba ake bin sawun wayar sata, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara tambaya.

Batun yayan nan kuwa, kada ka tsaya kan baki. Ka ce ya cire asusun Google da na Samsung a gabanka, ya yi Factory data reset, wato ya goge komai na cikinta, ku jira ta kunna. Idan ta tashi tana neman imel ɗin mai ita na da, shi kuma ya fara susar ƙeya, ka miƙa masa kayarsa. Ka kuma lura da wayar bashi, irin wadda ake biya kaɗan-kaɗan. Na taɓa ganin wadda ta yi kwana tara lafiya lau a hannun sabon mai ita, ranar na goma ta kulle kanta tana neman kuɗin wata. Gogewa ba ta cire wannan makullin, don haka ka haɗa ta da intanet bayan gogewar, ka ga ko wani saƙon biya zai fito.

Batir shi ne mai sauƙi. A manhajar Samsung Members akwai gwajin da ke nuna lafiyarsa, amma ni na fi yarda da ido. Ƙure hasken fuskar, kunna bidiyo na rabin awa. Daga 80 ta sauko 73 ko 72, ba laifi. Idan ta faɗo 55, ko tana tsallake lambobi, ko ta ɗau zafi, batir ya gaji. A garin da sai ka biya mai caji kullum, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ka kwantar da ita a kan benci ma. In tana rawa ba don tudun kyamara ba, ko marfin ya ɗago, batirin ya kumbura. Wannan sai an sauya, saboda haka ka tambayi mai gyara kuɗin sabo, ka cire shi daga farashin kafin ku shirya.